Bidiyon kamfani da wayar hannu: yadda ake tsara hotunan rakiya a masana'antun Sharada, Challawa da Bompai

Yawancin bidiyon da kamfanoni ke sakawa a Facebook da WhatsApp kamanninsu ɗaya ne. Manaja na zaune a bayan tebur, kalanda a bango, fanka na juyawa, yana bayani na minti uku ba tare da kyamara ta motsa ba. Abin da yake faɗa yana iya zama gaskiya kuma mai amfani, amma mai kallo a waya ba ya jira. Da ya ga fuska ɗaya na daƙiƙa goma sha, yatsansa ya riga ya wuce gaba.

Matasan da suka fara karɓar irin wannan aiki da wayoyinsu a Kano sukan ɗauka cewa laifin na kyamara ne, ko na manajan da bai iya magana ba. Sau da yawa ba haka ba ne. Abin da ya ɓace shi ne hotunan rakiya, wato gajerun hotunan da ake ɗorawa a kan muryar mai magana don a nuna abin da yake faɗa. Masu sana'ar fim suna kiran su bi-rol. Kuma ba a wurin tacewa ake samun su ba. A takarda ake fara su, tun kafin a shiga ƙofar kamfanin.

Kano wuri ne mai kyau na koyon wannan. Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu a birnin. Sharada ta biyo baya, an kuma raba ta kashi uku, sai Challawa da ke kudu, kusa da kogin da ta ci sunansa. A waɗannan wurare akwai kamfanonin jima, na roba, na abinci da na man girki. Duk inda aka waiga wani abu na motsi. Mai ɗauka da ya fito daga irin wannan wuri da hoton tebur kaɗai ya bar tuwo ya kama kwano.

Ayyuka biyu da hoton rakiya yake yi

Aiki na farko shi ne ɓoye ɗinki. Babu manajan da zai yi magana ta minti biyu a jere ba tuntuɓe. Za a yi hira ta minti ashirin, a tsinto jimloli masu kyau, a haɗa su. A duk inda aka yanke aka haɗa, kan mutumin zai yi tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, hannunsa da ke sama ya koma ƙasa a ƙiftawar ido. Idan aka ɗora hoton inji a daidai wannan gaɓa, murya na tafiya a ƙasa, mai kallo ba zai san an yanke komai ba.

Aiki na biyu shi ne shaida. Idan manaja ya ce suna duba kowace fata ɗaya bayan ɗaya, magana ce kawai. Idan a lokacin aka ga hannun ma'aikaci yana shafa fata, yana ɗaga ta zuwa haske, maganar ta sami mai tsaya mata. Daga nan ne doka ta farko ta fito: kowane hoton rakiya dole ya amsa wata kalma da aka faɗa. Hoton tuta, ko na ƙofar kamfani, ko na sakatariya tana danna kwamfuta, idan ba a yi maganarsu ba, cikon wuri ne kawai, kuma mai kallo yana ganewa.

Lissafin bidiyon minti biyu

A ɗauki misali. Wani kamfanin jima a Challawa yana son bidiyon minti biyu da zai tura wa masu sayen fata a waje da kuma masu yin takalma a gida. Manajan sarrafawa ne zai yi magana. Minti biyu daƙiƙa 120 ne. Tsari mai kyau shi ne a bar fuskarsa ta fito na kimanin daƙiƙa 40, sauran 80 kuwa hotunan rakiya su ɗauka.

Hoton rakiya ɗaya yakan zauna daƙiƙa uku zuwa biyar a allo. Ƙasa da haka ido bai gama gane abin da aka nuna ba, sama da haka ya fara gundura, sai dai idan wani abu na faruwa a ciki. Idan aka ɗauki huɗu a matsayin matsakaici, daƙiƙa 80 na buƙatar hotuna 20. Wannan shi ne adadin da zai shiga bidiyon, ba wanda za a ɗauka ba. Wani hoton zai girgiza, wani zai fito da duhu, a wani kuma ma'aikaci zai juyo ya kalli kyamara yana dariya. Saboda haka ake ɗaukar kusan ninki uku, wato hotuna 60, kowanne a riƙe shi aƙalla daƙiƙa goma ba tare da motsa hannu ba. Jimla minti goma ke nan na hoto. Daƙiƙa goman tana da dalili: biyun farko da biyun ƙarshe sukan lalace da girgizar taɓa allo, tsakiyar ce ake amfani da ita.

Wanda bai yi wannan lissafi ba yakan dawo gida da dogayen hotuna shida, ya zauna tacewa, ya ga sun ƙare tun kafin a kai minti ɗaya. Daga nan sai ya fara maimaita hoto ɗaya sau biyu, ko ya roƙi a sake ba shi izinin shiga kamfanin, abin da ba kullum ake samu ba.

A fara da magana, sannan a nemi hoto

Hanya mafi sauƙi ita ce a yi hirar tukuna. Idan lokaci bai ba da dama ba, a kira manajan a waya kwana ɗaya kafin aiki, a ji abin da zai faɗa. Sai a raba takarda gida biyu. A hagu a rubuta jimlolinsa, a ja layi a ƙarƙashin duk sunan abu da duk aikin da ido zai iya gani. A dama a rubuta hoton da zai tafi da kowanne.

A misalin kamfanin jimar, a ce maganar manajan ta kasu gida huɗu. Da farko ya yi bayanin inda fatun awaki da na tumaki suke fitowa da yadda ake tantance su. Na biyu ya yi maganar manyan gangunan da ake juya fata a ciki da sinadarai, inda jimar kurom ke mayar da ita shuɗi-shuɗi. Na uku ya bayyana injin da ke aske bayan fata don kaurinta ya daidaita. Na huɗu ya rufe da aunawa, ɗauri da lodi. Wurare huɗu ke nan, kuma kowanne zai ɗauki daƙiƙa ashirin.

Jerin zai kasance kamar haka. Daƙiƙa goman farko fuskar manaja ce, da sunansa da muƙaminsa a rubuce a ƙasa, domin mai kallo ya san wanda yake ji. Daga 10 zuwa 30, ɗakin ajiyar ɗanyar fata. Daga 30 zuwa 38 a dawo kan fuska. Daga 38 zuwa 58, ganguna. Fuska ta sake fitowa na daƙiƙa shida, sai injin aski daga 64 zuwa 84. Wata shida ta fuska, sai aunawa da lodi daga 90 zuwa 110. Goman ƙarshe na manajan ne, yana faɗin yadda za a same su. Idan aka tara na fuska, 40 ne cif.

Wuraren da aka dawo kan fuska ba a zaɓe su haka kawai ba. Ana barin fuska a inda mutum yake ɗaukar alƙawari, ko yake faɗin abin da ya dame shi, ko yake ambaton shekarun da ya yi a aikin. Idan manaja ya ce ba su taɓa saɓa ranar kai kaya ba, mai saye yana son ya ga idonsa a lokacin. Rufe wannan jimla da hoton inji asara ce.

Hotuna biyar a kowane wuri

Wurare huɗu, hotuna ashirin, ke nan kowane wuri na buƙatar biyar. Akwai wata dabara da ake danganta wa Michael Rosenblum, Ba'amurken da ya horar da 'yan jaridar BBC da dama kan ɗaukar bidiyo su kaɗai, wadda ta dace da wannan lissafi daidai.

A wurin injin aski, hoto na farko na hannu ne: kusa sosai, yatsu na tura fata cikin bakin inji. Na biyu na fuska ne, ma'aikacin yana kallon aikinsa, ba kyamara ba. Na uku na nesa ne, wanda ya nuna mutumin da injin da faɗin ɗakin, don a san inda ake. Na huɗu daga bayan kafaɗarsa, mai kallo ya ga abin da shi ma'aikacin yake gani. Na biyar kuma daga wata kusurwa da ido bai saba da ita ba, kamar a ajiye wayar a ƙasa ana kallon askin fata yana zubowa.

Amfanin wannan tsari shi ne hotunan suna haɗuwa da juna ba tare da tsalle ba, saboda girmansu da kusurwarsu sun bambanta. Idan aka jera hotuna biyu masu girma ɗaya daga wuri ɗaya, ido zai ɗauka kuskure ne. Masu tace fim suna cewa a matsa aƙalla digiri 30 tsakanin hoto da mai bi masa. A aikace, taku uku ko huɗu ne zuwa gefe. Abu ɗaya da za a kiyaye shi ne a tsaya a ɓangare guda na injin. Idan fata na shiga daga hagu zuwa dama a hoton farko, mai ɗauka ya zagaya ɗaya gefen, a hoto na gaba za ta zama kamar tana komawa baya.

A kamfanin roba na Sharada, inda inji ke buɗewa ya saki bokiti ko kujera sannan ya sake rufewa, wannan maimaici gata ne. Aikin da ya wuce zai sake dawowa bayan ɗan lokaci, don haka kowane zagaye a ɗauki hoto ɗaya daga cikin biyar ɗin. Kafin a danna ɗauka, a tsaya a kalli zagaye biyu ko uku a ƙirga tsawonsu, don a fara kafin injin ya buɗe, ba bayan kayan ya faɗo ba. Kuma tun da abin da ke gaban kyamara yana motsi, ita kyamarar ta tsaya cik. Shara da waya daga bango zuwa bango shi ne abin da ya fi lalata hoton sababbin shiga.

Ratsin da ke yawo a allo

Matsalar da ta fi kama masu waya a cikin masana'anta ita ce wani ratsi mai duhu da ke hawa ko sauka a hoto, ko haske ya riƙa ƙyaftawa. Dalilinsa lantarki ne. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wanda ke sa dogayen fitilu da ƙwayayen LED masu araha su yi haske su dushe sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani. Amma yawancin wayoyi suna zuwa a saite kan firam 30 a daƙiƙa, lissafin da ya dace da ƙasashe masu wuta mai juyi 60 irin su Amurka. Lissafin biyu ba su haɗu ba, sai kowane firam ya kama haske daban da na ɗan'uwansa.

Maganin shi ne a ɗauka a firam 25, a kuma tsayar da saurin buɗe idon kyamara a 1/50 ko 1/100. A iPhone ana shiga Settings, sai Camera, sai Record Video, a kunna Show PAL Formats, daga nan zaɓin 25 fps zai bayyana. Wasu wayoyin Android suna da yanayin Pro Video inda ake saita Shutter da hannu. Manhajar Blackmagic Camera, wadda kyauta ce, tana ba da damar saita duka biyun a iPhone da kuma wasu wayoyin Android.

Akwai ƙarin abu ɗaya da ya shafi Kano. Kamfanoni da yawa suna komawa kan janareto idan wutar KEDCO ta ɗauke, kuma janareto ba kullum yake riƙe juyi 50 daidai ba, musamman idan manyan injina suka tashi. Alamar haka ita ce ko an saita 1/50, a ga ratsi mai faɗi yana tafiya a hankali. Gwajin ba wuya: a nuna wayar ga farin bango a ƙarƙashin fitilar, a ɗauki daƙiƙa goma, a kalla. Idan ratsin na nan, a matsa kusa da babbar ƙofa ko taga inda hasken rana ya rinjayi na fitila. A sake gwajin duk lokacin da aka ji wuta ta sauya.

Wannan ne kuma ya sa yanayin Slo-mo na firam 120 ko 240 ba ya yin kyau a cikin ɗakin aiki. Mai son ruwa ya zubo daga ganga a hankali ya ɗauka a firam 50 da 1/100, idan wayarsa na da shi, ya rage gudun zuwa rabi a wurin tacewa.

Kyamara ɗaya, hoto biyu

Ba kowace gaɓa ce za a rufe da hoton rakiya ba. Idan aka ɗauki hirar a 4K, bidiyon kuma zai fita a 1080p, ana iya zuƙo hoton har ninki biyu ba tare da ya dushe ba, domin faɗin 4K ɗigo 3840 ne, na 1080p kuma 1920. Sai jimla ɗaya ta fito daga ƙirji zuwa sama, mai bi mata ta fito kusa da fuska, kamar da kyamara biyu aka yi aiki. A CapCut, hirar tana zama a babban layi, hotunan rakiya kuma a ɗora su ta Overlay, muryar manajan ta ci gaba a ƙasa.

Sauti ma yana cikin tsarin. Hirar a yi ta a ofis mai nisa da injina da janareto, da ƙaramin makirufo a maƙale a riga. Amma kada a kashe sautin hotunan rakiya gaba ɗaya. Ganga da ke juyawa shiru kamar hoton mafarki take. A bar ƙararta ƙasa-ƙasa yadda ba za ta danne murya ba, a kuma bar ta ta shigo kamar rabin daƙiƙa kafin hoton ya bayyana. Kunne ya riga ido, sai sauyin ya zo da laushi.

Idan kamfanin zai so gajeren kwafi a tsaye don WhatsApp ko TikTok, a san haka tun farko. Hoton kwance da aka yanke ya koma tsaye yana rasa kusan kashi biyu cikin uku na faɗinsa, don haka hannu da fuska da bakin inji su kasance a tsakiya.

Abin da hoto zai iya tonawa

Hoton rakiya shaida ne, kuma shaida tana iya juyawa kan mai ita. Mai sayen fata a Italiya ko Sifen da ya ga ma'aikaci yana tsoma hannu a ruwan sinadari ba safar hannu, ko yana taka jiƙaƙƙen daɓe da silifa, ya ga abin da zai sa ya ja baya. Kafin a ɗauka, a duba firam daga kusurwa zuwa kusurwa: allon da aka rubuta ma'aunin sinadarai, takardar da ke ɗauke da sunan wani abokin ciniki, lambar mota. A tambayi manajan tun da safe abin da ba a so ya fita. A kuma nemi yardar kowane ma'aikaci da fuskarsa za ta fito, musamman mata, domin izinin mai kamfani ba ya maye gurbin nasu.

Haka nan hoto ba ya gyara maganar da ba ta da tushe. Mazauna yankunan da ke kusa da Challawa da Sharada sun daɗe suna kokawa kan ruwan dattin masana'antu da ke gangarawa kogi. Idan manaja ya ce suna tace ruwansu kafin su sake shi, a nemi a ga wurin tacewar yana aiki, a ɗauke shi. Idan ba a nuna ba, gara a cire jimlar da a rufe ta da hoton ruwa mai tsabta da aka sauko da shi daga intanet. Mutanen Kano sun san wuraren nan, kuma ranar da aka gane, sunan mai ɗauka ma yana ciki.

Lafiyar mai ɗauka ita ma abin lura ce. Babbar riga ko gyale mai lilo ba su da wuri kusa da bel mai juyawa, kuma wanda idonsa ke kan allo ba ya ganin abin da ke bayansa, don haka ya nemi wani ma'aikaci ya tsaya kusa da shi. Game da hoton sama kuwa, tashi da jirgi maras matuƙi a Najeriya yana buƙatar izinin hukuma, kuma Bompai na ɗauke da hedikwatar 'yan sandan jihar, ba ta kuma da nisa da filin jirgin saman Malam Aminu Kano. Hawa bene ko matakalar tanki da izinin kamfani yakan ba da hoton nesa da ya wadatar.

Ranar ɗauka

Tsarin takarda ba ya aiki idan injina a kashe suke. Kwana ɗaya kafin zuwa, a tambayi lokacin da kowane sashe yake aiki, da lokacin da ake juye ganguna, da ranar da mota ke zuwa lodi. Juma'a da rana ba lokacin ɗauka ba ne. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yakan mayar da hoton waje fari fat, ƙura kuma ta kwanta a gilashin kyamara, don haka a riƙa goge shi kafin kowane wuri.

Idan aka iso aka tarar da wuta kuma injina na tafiya, a fara da hotunan rakiya, hira ta jira. Manaja zai iya zama a ofis da ƙarfe biyu, amma injin da ya tsaya ƙarfe sha ɗaya wataƙila ba zai sake tashi ba a ranar. Kafin a fita daga ƙofa, a zauna minti biyar da takardar nan mai gida biyu, a buɗe hotunan a waya, a sa alama a gaban kowane layi da aka samu. Layin da ya rage ba alama, a koma a ɗauke shi tun mai gadi bai karɓi katin baƙo ba.